Daga Sijilmasa zuwa Walata cikin minti 40

*"An ba ni aikin zagayawa da baƙi a ɗakin fatauci na gidan tarihinmu. Yawanci 'yan makaranta ne, sai manya jefi-jefi. Na rubuta bayanin ayarin raƙuma na zamanin da har shafi shida, amma kafin in kai rabi yara sun fara hamma suna leƙen ɗakin gaba. Me ya kamata in faɗa, kuma yaya zan jera shi?"*

Malama, shafi shida ɗin nan ki ajiye shi a aljihun tebur, zai yi miki amfani ranar da wani babba ya tsare ki da tambaya. Abin da ke kashe irin wannan bayani kusan kullum ɗaya ne: an jera dauloli, shekaru da kayan ciniki, amma babu mutum ko ɗaya a ciki da yaro zai ji tsoron kada ya mutu. Maganinsa shi ne ki ɗauki tafiya guda wadda aka san ta da gaske, ki sa yaran su zama 'yan ayarin, ki kuma rataya komai a kan tambaya ɗaya: ruwan zai kai mu?

Tafiyar da ta fi dacewa da wannan ita ce ta matafiyin nan ɗan Maroko, Ibn Batuta, a shekarar 1352, daga Sijilmasa a kudancin Maroko ta yau zuwa Walata a kudu maso gabashin Muritaniya ta yau. Dalili kuwa shi ne ya bar mana kwanakin kowane zango, da farashin gishiri, da ladan ɗan aike, har da sunan wanda ya ɓace a hanya. Ba sai kin ƙara gishiri a labarin ba, akwai shi kantu-kantu.

Kafin baƙi su iso ki tanadi abu huɗu da za a iya taɓawa, waɗanda ba kayan tarihi ba ne: jarka mai lita 5 cike da ruwa, dunƙulen gishirin dutse, 'yan ƙwayoyin wuri, da igiya mai ƙulli 60. Igiyar ita ce taswirarki. Kowane ƙulli kwana ɗaya ne, domin tafiyar ta ci wata biyu. Ki shafa wa ƙulli na 25 fenti, haka na 35, da na 45, da na 48. Yaro ɗan shekara tara ba ya jin nisan kilomita dubu a jikinsa, amma idan ya bi igiya da yatsa ya ga ƙulli goma a jere babu rijiya, ya gane. Tsayawa biyar ta isa, kowace kada maganarki ta wuce minti uku zuwa huɗu. Sauran lokacin na tafiya ne, da taɓa kaya, da tambayoyi. Mai magana da yara a tsanake yana faɗin kalma 110 zuwa 120 a minti, saboda haka kowane zango bai kamata ya wuce kalma 400 a rubuce ba, kuma ƙasa da haka ya fi.

Zango na farko ki yi shi a bakin ƙofa, kafin idonsu ya faɗa kan akwatunan gilashi. Da zarar sun shiga sun ga kaya, kin rasa su. Ki tsaya inda bayanki ke jikin bango, su kuma suna fuskantarki, ki ce:

"Yau ba 'yan makaranta ba ne ku, fatake ne. Muna garin Sijilmasa, watan Fabrairu, shekarar 1352. A gabanmu akwai hamada, kuma sai mun yi wata biyu kafin mu ga garin da za mu. Tare da mu akwai wani malami ɗan garin Tanja, sunansa Ibn Batuta, ya kusa shekara 50, ya je Makka, ya je Indiya, amma bai taɓa ƙetare wannan hamada ba. Kun san abin da ya fara yi? Ya sayi raƙuma ya yi wata huɗu yana ba su abinci. Wa zai gaya mini dalili?"

Ki yi shiru ki jira. Shirun nan shi ne ya fi wa sababbin masu jagora wuya, sukan amsa wa kansu bayan daƙiƙa biyu. Ki ƙirga zuwa bakwai a zuci. Wani zai ce don su yi ƙarfi, wani kuma lalle zai ce don su cika tozonsu da ruwa. Wannan amsa ta biyu ita kike nema. Tozo kitse ne, guzurin abinci ne, kuma raƙumin da ya yi doguwar tafiya ba abinci tozonsa yakan motse har ya kwanta gefe. Abin da ke sa raƙumi jure ƙishirwa daban ne: ba ya saurin yin gumi, fitsarinsa kaɗan ne, kashinsa a bushe, yana iya rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa bai faɗi ba, idan kuma ya sami rijiya yana iya shan lita 100 cikin kamar kwata na awa. Kada ki ce wa yaron ya yi kuskure. Ki ce manya da yawa ma haka suke zato, sannan ki gyara.

A nan ne za ki raba aiki. Yaro ɗaya madugu, shi ke riƙe kan igiya. Wata jagaba, ita ke gaba. Biyu masu ruwa, su ke ɗaukar jarka bi da bi. Wanda kika lura ya fi kowa ƙiriniya ki ba shi aikin ƙirga mutane a kowane zango, zai yi miki amfani nan gaba, kuma malamansu za su gode miki.

Zango na biyu lissafin ruwa ne, kuma shi ne zuciyar zagayen, don haka kada ki yi masa rowar lokaci. Ki tsaya kusa da salka idan ɗakin yana da ita, ko hotonta. Ki bar jarka ta zaga hannu uku ko huɗu.

"Wannan lita 5 ce, nauyinta kilo 5. A gaba akwai inda za mu yi kwana goma babu rijiya. Mu ce kowannenku zai sha lita 4 a rana, kuma a zafin hamada wannan tsimi ne. Kwana goma lita nawa ke nan? Arba'in. Wato kowa jarka takwas irin wannan. Mu nawa ne a nan? Mai ƙirga, gaya mana. Talatin. To 30 sau 40, lita 1,200. Raƙumi ɗaya a doguwar tafiya yana ɗaukar kamar kilo 150. Raƙuma nawa za mu ware don ruwan sha kawai, ba gishiri, ba tufafi, ba abinci?"

Amsa takwas ce. Ki bar su su fitar da ita da kansu, ko da za a ci minti guda. Idan 'yan sakandare ne ki ƙara musu wahala: salka fatar akuya ce, tana tsattsafo. Tsattsafon ne ke sanyaya ruwan, amma shi ne kuma ke rage shi, idan iska mai zafi ta taso raguwar ta ƙaru. Saboda haka lissafin da aka yi a gari ba ya cika a hanya. Ki faɗa musu a fili cewa lita 4 ɗin misali ne da kika ɗauka don lissafi. Kwana goman kuwa daga bakin Ibn Batuta yake. Bambance abin da aka rubuta da abin da kika ƙiyasta shi ne ke sa babban da ke tsaye a baya ya yarda da sauran maganarki.

Daga nan a bi igiya zuwa ƙulli na 25, Tagaza, a can arewacin Mali ta yau. Zango na uku ke nan.

"Kwana 25 muna tafe, ga mu a Tagaza. Ku duba ko'ina, babu bishiya ko ɗaya. Gidajen nan da kuke gani, da masallacin, da gishiri aka gina su, aka rufe da fatun raƙuma. Ana haƙa ƙasa a tarar da gishiri shimfiɗe fale-fale kamar an sassaƙa, raƙumi ya ɗauki biyu, ɗaya a kowane gefe. Ruwan garin zartsi ne, ga ƙudaje. Ba a noma komai. Masu haƙar suna rayuwa ne da dabinon da ake kawowa daga arewa, da geron da ake kawowa daga kudu, da naman raƙumi. Idan ayari ya yi jinkiri, me kuke gani zai same su? Kwana goma za mu yi a nan, kuma Ibn Batuta bai ji daɗin ko ɗaya ba."

Ki miƙa dunƙulen gishiri ya zaga, ki riga su da cewa ba a lasa, in ba haka ba sai ya dawo miki a jiƙe.

A wannan zango ne ake yawan faɗin wata magana da nake roƙonki ki cire: wai ana musayar gishiri da zinariya awo da awo. Tana da daɗin ji, amma lissafi ya ƙaryata ta. Ibn Batuta ya ce kayan raƙumi ɗaya na gishiri ana sayar da shi miskali 8 zuwa 10 na zinariya a Walata, a babban birnin Mali kuma 20 zuwa 30, wani lokaci har 40. Miskali ɗaya ya ɗan haura giram 4. Ke nan ko a farashi mafi tsada, gishirin da ya fi kilo 100 yana kawo zinariya kamar giram 170, abin da ba zai cika tafin hannu ba. Gaskiyar ta ma fi ƙaryar amfani a wurin koyarwa, domin tana nuna wa yara yadda fatauci ke aiki: kaya ɗaya, bai canza ba, amma kuɗinsa ya ninka sau uku ko huɗu saboda nisa da haɗarin hanya. Ki tambaye su wa ya ci ribar, mai haƙa ko mai ɗauka. Idan an tambayi inda zinariyar take fitowa, daga Bambuk da Bure ne, can kudu wajen kogin Senegal da mafarin kogin Kwara. A wancan zamani ba a hamada ake haƙa ta ba.

Masu haƙar gishirin Tagaza bayi ne na ƙabilar Masufa, kuma kada ki tsallake wannan. Mutane na cikin abin da ayari ke kaiwa arewa. Shi kansa Ibn Batuta, da zai koma gida a 1353 daga Takedda a Nijar ta yau, ya bi ayarin da ke ɗauke da bayi mata kimanin 600. Ga 'yan firamare jimla biyu sun isa: an tilasta wa mutane yin wannan aiki, an kuma kora wasu a ƙasa sun ƙetare hamadar nan an sayar da su. Ki faɗa da murya daidai, ki ɗan dakata, ki ci gaba. Abu ɗaya da ba a yi ko kusa: kada ki sa wani yaro ya taka rawar bawa, kada kuma igiyar nan ta zama abin ɗaure kowa ko da wasa. Zolayar da za ta biyo baya a cikin mota ba za ki gan ta ba, amma yaron zai kwana da ita.

Zango na huɗu ki yi shi a lungun da ya fi duhu a ɗakin, ki zaunar da su a ƙasa idan akwai wuri, ki rage murya. Rage murya ya fi ɗaga ta tara hankalin yara.

"Mun bar Tagaza. Ku dubi igiya, ƙulli goma babu rijiya. A wannan shekara an yi sa'a, sun tarar da ruwan sama ya taru a wasu wurare. Amma ba kowa ya kai ba. A cikin ayarin akwai wani mutum, Ibn Ziri. Ya yi faɗa da ɗan'uwansa, ya yi fushi, ya ja baya shi kaɗai. Da aka sauka aka duba, babu shi. A hamada iska tana share sawu, tudun rairayin da ka gani jiya yau ya koma wani wuri. Ba a sake ganinsa ba. Kafin ranar, Ibn Batuta yakan wuce gaban ayari don dabbobinsa su sami kiwo. Daga ranar bai ƙara wucewa gaba ba, bai ƙara zama a baya ba. Mai ƙirga, tashi ka ƙirga mu."

Za ki ga yadda suke matsowa kusa da juna yayin da ake ƙirgar. Akwai wani labarin a wannan yanki, na mutumin da aka tarar ya mutu a gindin wata 'yar bishiya da bulala a hannunsa, alhali ruwa bai fi mil ɗaya daga inda yake ba. Wannan ki ajiye wa manya da 'yan sakandare.

Sai ƙulli na 45, Tasarahla, inda akwai ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Kwana uku ake yi ana hutawa, ana gyaran salkuna, ana cika su. Daga nan ne ake yin dabarar da a ganina ta fi komai ban sha'awa a tafiyar, kuma yawancin masu jagora ba su ma san da ita ba. Ruwan da aka ɗauka a Tasarahla ba lalle ya kai Walata ba. Saboda haka ake hayar mutum ɗaya daga Masufa, ana ce masa takshif, ya riga ayari da wasiƙu, domin mutanen Walata su fito da ruwa su tarye shi tafiyar kwana huɗu daga gari.

"An ce zuwa da kai ya fi aike, amma a nan ran kowa yana hannun ɗan aike. Shi kaɗai zai tafi. Idan ya ɓace ko ya mutu, mutanen Walata ba za su san muna tafe ba, babu wanda zai fito da ruwa. Nawa za ku biya shi? Ayarin Ibn Batuta miskali 100 na zinariya suka biya, kuɗin kayan gishiri na raƙumi goma a Walata. Jagaban da ke nuna musu hanya kuwa, ido ɗaya ya mutu, ɗayan ma ba lafiya, amma babu wanda ya kai shi sanin hamadar. Yanzu zafi ya tsananta, sai bayan la'asar muke tashi, mu kwana muna tafiya, da safe mu sauka. Dare na ɗaya, ba komai. Na biyu, ba komai. Ku ƙirga tare da ni. A dare na bakwai suka hango wuta can nesa. Masu ruwa ne."

Idan kina da 'yar tocila, ki ba malaminsu tun farko ya tsaya a ɗaya ƙarshen ɗakin ya kunna a daidai wannan kalma. Ba ya cin ko sisi, kuma shi ne abin da za su ba da labari a gida.

Zango na biyar gajere ne, don a lokacin ƙafafu sun gaji. An iso Walata a watan Afrilu. Fatake suka sauke kaya a fili, suka je gaida wakilin sarkin Mali, aka kawo musu liyafar baƙi: dakakken gero da zuma da madara a ƙwarya. Ibn Batuta, wanda ya saba cin abinci a fadar sarakuna, ya raina abin har ya yi tunanin juyawa. Yara suna dariya a nan, mutumin da ya tsira daga hamada yana ƙorafin abinci. Sannan ki zuba wuri a tafin hannunki ki tambaye su daga ina. Daga tsibiran Maldib ne, a tekun Indiya, kuma an yi kuɗi da shi a kasuwannin Mali na wancan zamani. Ki nuna wurin a taswira, ki bar su su ga tazarar da idonsu.

Ga manya masu son ƙari, ki riƙe labarin Ma'adin Ijafen a Muritaniya, inda masanin Faransa Théodore Monod ya gano kayan wani ayari a binne cikin rairayi a shekarun 1960: sandunan tagulla sama da 2,000 da tarin wuri, waɗanda aka ƙiyasta sun kai ƙarni na 11 ko na 12. Wataƙila wani ne ya sauke su da niyyar dawowa. Haka kuma za a tambaye ki Mansa Musa, sarkin Mali, kusan kowane rukuni. Hajjinsa a 1324 ne, ya bi ta Alƙahira, ya kashe zinariya har darajarta ta faɗi a can. Yawan mutanen da suka raka shi kuwa marubuta sun saɓa sosai, don haka ki ce dubbai, ki tsaya nan.

Rukuni idan ya haura 25 zuwa 30, na baya ba sa ji, kuma alamar ita ce za ki ga sun fara hira da juna tun zango na biyu. Ki raba su biyu, ko ki riƙa juya layi a kowane zango, na baya su dawo gaba. Kada ki yi magana kina tafiya, kada ki yi magana kina kallon akwatin gilashi, muryar tana tafiya inda fuskarki ta nufa. Idan malami ya ce saura minti 20 motarsu ta tashi, kada ki ƙara sauri, ki yanke: ki haɗa zango na ɗaya da na biyu, ki taƙaita Tagaza zuwa gidajen gishiri da masu haƙa, ki bar takshif yadda yake. Ga 'yan ƙasa da shekara takwas ki cire ninkawar, ki tsaya a jarka takwas kowane mutum, ki sa su gwada ɗaga ɗaya. Shekara kuma ɗaya tak za ki nemi su riƙe, 1352, ki faɗe ta a ƙofar shiga, ki tambaye su ita a ƙofar fita yayin da madugu ke naɗe igiya.